Me Ka Gano? Yadda Ake Duba Tsakuren Bincike

Duk wanda ya shiga PubMed, rumbun maƙalun likitanci na Amurka, ko AJOL da ke tattara mujallun ilimi na Afirka, abin da zai fara cin karo da shi shi ne taken maƙala, sai wani sakin layi guda a ƙarƙashinsa. Wannan sakin layi shi ne malaman jami'a ke kira tsakure. Yana zaune a farkon kundin digiri, kafin babi na ɗaya, yana kuma saman kowace maƙala da mujalla ta buga. Masu shirya taron ƙara wa juna sani su ma da shi suke yanke hukuncin wanda za a gayyata ya gabatar da takarda, galibi ba tare da sun ga sauran aikin ba. Mai karatu kuwa, sau da yawa a nan yake tsayawa, ko don cikakkiyar maƙalar sai an biya kuɗi, ko don ba shi da lokacin karanta shafi ashirin na kowace takarda da ta ratsa gabansa.

Saboda haka idan ɗalibi, ko abokin aiki, ko ƙanwarka da ke shekarar ƙarshe a jami'a ta miƙo maka tsakure ta ce ka duba mata, aikin da aka ba ka ya wuce gyaran wasulla da ƙugiyoyi. Ana so ne ka tsaya a matsayin baƙon da ba shi da kundin a hannu, ka ga ko zai iya amsa tambayoyi huɗu daga wannan sakin layi kaɗai: me aka so a gano, ta yaya aka bi, me aka gano, kuma mene ne amfanin saninsa. Sannan a duba ko an faɗe su cikin iyakar kalmomin da aka gindaya. Ba sai ka ƙware a fannin ba kafin ka iya wannan. Wani lokaci ma rashin ƙwarewar shi ne alherin, domin masanin fannin yakan cike giɓi da abin da ke kansa ba tare da ya lura akwai giɓin ba.

Kafin ka karanta ko kalma ɗaya, tambayi mai aikin ina tsakuren zai je, kuma kalma nawa aka yarje masa. Littafin ƙa'idojin rubutu na APA, wanda sassa da yawa na jami'o'inmu ke bi, ya nuna cewa tsakure ba ya yawan wuce kalma 250. Amma kowace mujalla da kowace makarantar manyan digiri tana da nata sharaɗin, wata ma tana so a raba shi da ƙananan kanu. Ba ka da abin awo sai ka san wannan. Daga nan sai ka karanta tsakuren shi kaɗai, ka ture kundin gefe tukuna, ka kife takardar, ka yi ƙoƙarin faɗa wa kanka amsoshin nan huɗu. Inda bakinka ya tsaya, nan aikin yake.

Ga wani tsakure da na tsara domin misali. Ɗalibin da alƙalumansa duk na ƙirƙira ne, amma fasalin rubutun sananne ne ga duk wanda ya taɓa duba kundi. A ɗauka ɗalibin digiri na biyu ne a tsangayar aikin gona, ya kawo wannan:

"Wake yana ɗaya daga cikin muhimman amfanin gona a Arewacin Nijeriya, kuma miliyoyin jama'a sun dogara da shi wajen abinci da samun kuɗin shiga. Tun zamanin kaka da kakanni manoma ke fama da matsalar ƙwari a lokacin ajiya, lamarin da ke jawo asara mai yawa. Masana da dama sun tofa albarkacin bakinsu a kan wannan matsala. Wannan bincike ya yi ƙoƙarin yin nazari a kan hanyoyin ajiyar wake. An yi amfani da hanyoyin tattara bayanai na asali da na biyu, an kuma yi nazarinsu ta hanyar ƙididdiga. An gano abubuwa masu muhimmanci game da bambancin hanyoyin ajiya, an kuma tattauna su a babi na huɗu. Daga ƙarshe an ba da shawarar gwamnati ta hana amfani da maganin ƙwari, ta kuma raba wa manoman ƙasar nan buhuna masu ninki uku domin kawar da talauci."

Hausar ba ta da laifi. Babu kuskuren nahawu, tsawonsa kalma 133 ne, bai kusanci iyaka ba. Mai dubawa da ke sauri zai iya sa hannu ya ce madalla. To amma kife takardar ka tambayi kanka: wace hanyar ajiya ce ta fi? Ba ka sani ba. Buhu nawa aka gwada, a ina, na tsawon wane lokaci? Ba ka sani ba. Jimloli uku na farko sun cinye kalma 56, wato sama da kashi 40 cikin ɗari na duk rubutun, wajen faɗa maka abin da kowane mai sayar da ƙosai ya riga ya sani. Wannan shi ne ciwon da ya fi yawa: shimfiɗa ta kumbura, sakamako ya motse.

Manufa da hanya

Jimla ta huɗu ita ce ke ɗauke da manufa, amma kalmomin "ya yi ƙoƙarin yin nazari a kan" ba su ɗaure mai binciken da komai ba. Mutum zai iya shekara yana nazari a kan abu ya tashi hannu rabbana, kuma bai saɓa alkawari ba. Manufar da ta tsaya da ƙafarta ita ce wadda za a iya mayar da ita tambaya mai amsa. Don haka abin da za ka rubuta a gefen jimlar bai wuce wannan ba: "Wace tambaya ce bincikenka ya amsa? Waɗanne hanyoyin ajiya ka kwatanta, kuma da me ka auna wadda ta fi?"

Idan ɗalibin ya amsa, sai ka ji ashe aikin nasa mai kyau ne. Ya kwatanta buhun saƙa na yau da kullum da buhu mai ninki uku, wato wanda ke da leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Irin wannan buhu masana na Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsu a Afirka ne suka inganta shi, kuma dabararsa ita ce toshe iska: ƙwarin da ke ciki su shaƙe ɗan abin da ya rage, su daina ci da hayayyafa. Tambayar ɗalibin ita ce ko wannan buhu zai kare wake daga huji na wata shida ba tare da an zuba magani ba. Ka ga manufar ta fito cikin jimla ɗaya. Tun farko tana bakinsa, takardar ce kawai bai sa ta ba.

Jimlar hanyar bincike ta fi ta manufa rauni, domin za a iya cire ta ɗungurungum a liƙa a kundin tarihi ko na tattalin arziki, ba wanda zai lura. Wannan gwaji ne mai sauƙi da ya kamata mai dubawa ya riƙa yi wa kowace jimla: idan za ta zauna daram a tsakuren wani aiki dabam, to ba ta faɗi komai game da wannan ba. Abin da mai karatu ke bukata daga hanya shi ne abin da zai ba shi damar auna nauyin sakamakon. Me aka gwada, guda nawa, a ina, har yaushe, kuma me aka ƙirga. A misalinmu, buhu 20 na kowane iri, kowanne kilo 50, a ɗakin ajiya ɗaya, na wata shida, aka ƙirga ƙwayoyin da suka huje cikin ƙwaya 100 da aka ɗiba daga kowane buhu kafin a ɗaure da bayan an kwance. Sunan manhajar da aka yi lissafi da ita, da sunan kamfanin sikeli, su jira babi na uku.

Kada masu nazarin harshe da adabi su ce wannan zancen 'yan kimiyya ne. Wanda ya nazarci salo a waƙoƙin wani makaɗi shi ma yana da hanya: waƙoƙi nawa ya ɗauka, me ya sa su ya zaɓa, daga faifai ya juye su ko daga bugaggen diwani, wane ra'i ya ɗora aikin a kai. "An yi hira da masana, an ziyarci ɗakunan karatu" daidai take da jimlar ɗalibinmu ta bayanai na asali da na biyu. Kowa ya ziyarci ɗakin karatu.

Inda ake ɓoye kayan

Yanzu mun zo jimla ta shida, wadda a ganina ita ce ta cancanci rabin lokacin mai dubawa. "An gano abubuwa masu muhimmanci." Wannan alkawari ne, ba sakamako ba. Tana da 'yan'uwa da yawa: "an tattauna sakamakon", "binciken ya bankaɗo gaskiyar lamarin", "an samu bambanci mai ma'ana". Duk suna sanar da kai cewa akwai labari, amma sun ƙi ba ka shi. Mai sayen hatsi a kasuwar Dawanau ba ya yarda a ce masa abin da ke cikin buhu mai kyau ne, sai ya ɗebo ya gani a tafin hannunsa. Tsakure shi ne wannan ɗiban, kuma dole ya fito daga cikin buhun da ake ciniki.

Me ya sa ɗalibai ke ɓoye sakamako? Wasu sun rubuta tsakuren ne tun lokacin da suke neman a amince da batun bincike, aikin ya ƙare ba su koma kansa ba. Alamar hakan ita ce ka ga "za a" ta ɓuya a wata jimla: za a tattara, za a duba. Wasu suna ganin idan suka faɗi ƙarshen zance ba wanda zai karanta kundin, kamar dai littafin labari. Wasu kuma tsoro ne, domin wanda ya rubuta lamba ya ba da abin da za a kama shi da shi ranar kare kundi. Akwai kuma na huɗu, wanda ya fi damuwa: shi kansa mai aikin bai tantance abin da ya gano ba, yana da jadawali goma sha biyu amma ba shi da jimla ɗaya. Idan haka ne, matsalar ta wuce tsakure, kuma gara a gano ta a teburinka da a gano ta a gaban mai jarrabawa na waje.

Maganin da ya fi aiki shi ne a rufe takarda a yi magana. Ka ce masa, "Malam, bar takardar nan. A ce mun haɗu a mota, me ka gano?" Sau da yawa amsar takan zubo ba gargada: "Allah ya gafarta Malam, bayan wata shida, a buhun saƙa ƙwaya 61 cikin 100 sun huje, a mai ninki uku kuwa 4 ne kawai." Sai ka ce ya rubuta abin da ya faɗa yanzu, kalma da kalma. Sakamako mai kyau yana nuna wane ɓangare ne ya fi, da nawa ya fi, kuma a kan me aka kwatanta. "Buhu mai ninki uku ya fi" ta ba da na farko kawai. Bambancin 61 da 4 wani abu ne, bambancin 61 da 55 wani abu ne dabam, alhali duka biyun ana iya kiran su "ya fi". Ko kalmar nan "mai ma'ana" ta masu ƙididdiga ba ta maye gurbin girman bambancin, domin abin da take nufi kawai shi ne da wuya a ce tsautsayin ɗiba ne ya haifar da shi.

Sai dai ba duk sakamako ne zai shiga ba. Idan ɗalibi ya juya ya cusa lambobi goma sha biyar cikin layi huɗu, ya koma wancan gefen ramin. Ka tambaye shi wanne ne ya amsa manufar da ya rubuta a sama. Shi ne zai fara zuwa, sai guda ɗaya ko biyu da ke canza yadda za a fahimce shi. Akwai kuma yanayin da ba a tilasta wa mutum kawo sakamako: tsakuren taro da aka aika tun aiki bai kammala ba. A nan abin da za ka nema shi ne ya faɗi matakin da aikin yake, ya kuma guji rubuta hasashe da siffar abin da ya riga ya tabbata.

Sai a buɗe kundin

Bayan an cike giɓi, sai mataki na biyu, wanda yawancin masu dubawa ke tsallakewa saboda yana cin lokaci. Ka ɗauki kowace lamba da ke tsakuren ka nemo ta a cikin aikin. A misalinmu tsakure ya ce buhu 20 na kowane iri. Ka buɗe jadawalin babi na huɗu, sai ka ga a layin mai ninki uku an rubuta 18. Ina biyun suka shiga? Ɗalibin zai ce ai ɓera ne ya huda su, iska ta shiga, ƙwaro ya tashi, huji ya kai 38 cikin 100, shi ya sa ya cire su daga lissafi. Wato lambar 4 ɗin nan ta buhunan da suka tsira ce kawai. Wanda ya karanta tsakuren zai ɗauka duk ashirin ɗin ne.

Ɗalibin bai yi niyyar yaudara ba, ya ma bayyana komai a cikin kundin. Amma mai karatun da ya tsaya a tsakure an ba shi rabin labari, kuma rabin da aka bari shi ne wanda manomi ya fi bukata: buhun yana aiki ne muddin bai huje ba. Sharhinka a nan zai zama: "Tsakure ya ce 20, jadawali ya ce 18. Faɗi duka biyun, ka kuma faɗi abin da ya sami sauran."

Kada a ɗauka wannan laifin 'yan koyo ne kaɗai. A 1999 Roy Pitkin da abokan aikinsa biyu sun buga wani bincike a mujallar JAMA, inda suka ɗauki maƙala 44 daga kowace ɗaya cikin manyan mujallun likitanci shida, har da The Lancet da BMJ da ita kanta JAMA, suka gwada tsakure da gundarin maƙala. Sun sami bayanai a tsakure da suka saɓa wa na cikin maƙalar, ko ma babu su a ciki sam, a kashi 18 cikin ɗari na tsakuren mujallar da ta fi tsabta, har zuwa kashi 68 a wadda ta fi muni. Waɗannan maƙalu ne da suka bi ta hannun masu tantancewa da editoci. Dalilin ba boyayye ba ne: ana gyara gundarin aiki sau da yawa, a sake lissafi, a cire wasu bayanai, tsakure kuwa yana nan yadda aka bar shi tun zubin farko.

Haka abin yake ga ayyukan da ke ɗauke da tsakure cikin harshe biyu, kamar yadda ake gani a ayyukan da aka rubuta da Hausa aka haɗa musu na Ingilishi, ko a Nijar inda ake haɗa Faransanci da Ingilishi. A jera su gefe da gefe. Yakan faru a gyara ɗaya a manta da ɗayan.

Muhimmanci daidai wuyan sakamako

Jimlar ƙarshe ta ɗalibinmu ta tashi sama. Ya nemi a hana maganin ƙwari, alhali bai gwada buhunsa da wake mai magani ba. Ya yi zancen kawar da talauci, alhali bai lissafa kuɗin buhu ko ribar da za a samu ba. Ya ambaci manoman ƙasa baki ɗaya daga gwajin ɗaki ɗaya. Hanyar kama irin wannan ita ce ka ɗora yatsa a kan kowace da'awa ka tambaya wace jimlar sakamako ce ke riƙe da ita. Wadda ba ta da mariƙi, a sauke ta.

Wannan ma ciwo ne da ya kai manya. A 2010 Isabelle Boutron da abokan aikinta sun duba rahotanni 72 na gwajin magunguna da hanyoyin jinya waɗanda babban abin da aka auna bai nuna bambancin da ƙididdiga ta tabbatar ba. A 42 daga cikinsu, an tsara kammalawar tsakuren ta yadda mai karatu zai ji kamar an yi nasara, misali ta hanyar jawo wani ƙaramin sakamako gaba a bar babban a baya. Likitan da ya tsaya a tsakure zai iya fita da akasin abin da gwajin ya nuna. Tun kafin nan masu fannin sun san haɗarin. A 1987 mujallar Annals of Internal Medicine ta buga shawarar wani ayarin masana da Brian Haynes na Jami'ar McMaster ta Kanada ya yi wa jagora, cewa a riƙa raba tsakure da kanu: manufa, tsarin bincike, wurin da aka yi shi, waɗanda aka yi a kansu, abin da aka yi musu, sakamako da kammalawa. Amfanin kanun shi ne ba sa bari a tsallake wani sashe a ɓoye. Mai dubawa zai iya aron dabarar ko da mujallar ba ta nemi kanu ba: ka sa ɗalibi ya rubuta kanun da fensir, ya zuba jimlolinsa ƙarƙashinsu, ya ga wanda ya zauna fayau, sannan ya goge kanun.

Akwai kuma masu kuskure ta ɗaya gefen, waɗanda ke rufewa da "ana bukatar ƙarin bincike" ko "aikin zai amfani ɗalibai da manazarta". Wannan ma a yi masa gwajin nan na ɗazu, zai zauna a ƙarshen kowane kundi a duniya. Tambayar da za ka rubuta ita ce: "Wa zai yi wani abu dabam saboda abin da ka gano, kuma mene ne zai yi?"

Ga yadda tsakuren zai iya komawa bayan ɗalibin ya amsa tambayoyin:

"Ƙwaro na lalata waken da aka ajiye cikin 'yan watanni. Wannan bincike ya kwatanta buhu mai ninki uku da buhun saƙa, domin gano wanda ya fi kare wake daga huji ba tare da magani ba. An ajiye buhu 20 na kowane iri, kowanne kilo 50, a ɗaki ɗaya na wata shida, aka ƙirga ƙwayoyin da suka huje cikin 100 kafin ajiya da bayanta. Da farko huji 2 ne cikin 100 a duka ɓangarorin. Bayan wata shida ya kai 61 a buhun saƙa, da 4 a buhuna 18 masu ninki uku da ba su huje ba. A guda biyun da ɓera ya huda, ya kai 38. Wannan ya nuna buhun na kare wake muddin iska ba ta shiga ba, don haka tsare shi daga ɓera wani ɓangare ne na amfani da shi. Gwajin na ɗaki ɗaya ne, bai kuma haɗa da magani ko lissafin kuɗi ba."

Tsawon bai wuce na farkon da wani abin kirki ba, amma yanzu shimfiɗa jimla ɗaya ce, sakamako ya sami uku. Ka lura ba a fara da yanke kalmomi ba. Taƙaitawa ita ce ta ƙarshe, domin sai an san abin da dole ya shiga sannan a san abin da za a fitar. Idan an zo yankan, wuraren da kitse ke taruwa sanannu ne: shimfiɗa, maimaita take a jimlar farko, "ya yi ƙoƙarin", "kamar yadda aka sani", jerin babi-babi. A cire madogara da ambaton jadawali ko babi, tunda mai karatu ba ya tare da su, a kuma warware duk wani gajarcen suna da ba kowa ya sani ba. Fitilun kalmomi da ake jerawa a ƙasa su zama waɗanda mai nema zai buga da gaske, irin su wake, ajiya, buhu mai ninki uku, ba "Nijeriya" da "ci gaba" ba.

Saura yadda za a isar da sharhin. "Bai fito ba", "a gyara", ko alamar tambaya da jan biro a gefen layi ba su koya wa kowa komai, sai dai su sa ɗalibi ya sauya kalmomi ya dawo da ciwon yadda yake. Sharhi mai amfani yana nuna jimlar, ya faɗi abin da mai karatu ya kasa samu a cikinta, ya yi tambayar da amsarta ita ce jimlar da ta ɓata. A fara da babba: rashin sakamako, saɓanin lamba, da'awar da ta wuce gona da iri. Ƙa'idojin rubutu su zo daga baya, don ba hikima ba ce a gyara ƙugiya a jimlar da za a goge. Abin da ya yi daidai shi ma a nuna shi takamaimai, ko don kada a ɓata shi wajen gyara.

Ni ban goyi bayan mai dubawa ya karɓi biro ya sake rubuta tsakuren da kansa ba, duk da cewa ya fi sauri. Zai sa abin da yake zaton an gano, ɗalibi kuma zai ji nauyin musa masa, ranar kare kundi a tambaye shi jimlar da ba tasa ba. Idan kuwa mai aikin ya girme ka, ko malaminka ne ya ce ka duba masa, siffar tambaya ita ce ke fid da kai kunya. Ba sai ka ce ya yi kuskure ba. Ka ce, "Ranka ya daɗe, na karanta amma ban kama adadin mutanen da aka yi hira da su ba, ko za a ƙara?" Ka faɗi gaskiya, ba ka kuma taka kowa ba.

Idan gyaran ya dawo, a yi masa gwaji na ƙarshe da wanda bai taɓa jin labarin aikin ba, ko ɗalibin wani sashe ne. A ba shi minti biyu ya karanta, a karɓe takardar, a ce ya faɗi abin da aka nema, yadda aka yi, abin da aka samu da amfaninsa. Idan ya kawo huɗun daidai, a miƙa tsakuren. Idan ya tsaya a ɗaya, a koma kan wannan jimlar.